Yadda ake auna rawar shaf da dayal geji: sakula ranawut da total ranawut, da abin da aka yarda allura ta nuna

Kwanaki aka kawo mana wani shaf na famfon ban ruwa a shagonmu nan wajen Ƙofar Ƙaura, wani Alhaji mai lambu a gefen Ajiwa ne ya bayar aka yanka masa a wani wuri, ya haɗo da takardar diroyin da ta zo da injin. Wanda ya yanka ya rantse masa cewa ya ɗora geji ya juya allura ba ta wuce layi 3 ba, kuma diroyin 0.05 na milimita ya ce, to ina matsala? Maigidanmu ya ɗora a tebur minti goma bai yi ba ya ce Alhaji wannan shaf bai ci ba. Abin mamakin shi ne su biyun duk gaskiya suka faɗa, kawai dai kowa abin da ya auna daban. Da wannan shaf ɗin zan bi da ku mataki mataki, don ni ma a kansa na gane abin sosai.

Da farko kafin ka taɓa geji ka duba diroyin. Za ka ga wani ɗan akwati dogo da aka raba gida uku, gidan farko alama ce, na biyu lamba, na uku haruffa. In kibiya ɗaya ce a karkace to sakula ranawut ake nufi, wato rawar shaf a zagaye ɗaya a wuri ɗaya. In kibiya biyu ne a jere an haɗa gindinsu da layi to total ranawut ne, wato rawar shaf a duk tsawon fuskar. A takardar Alhaji haka suka fito:

```
↗ | 0.03 | A-B    mazaunin sil
⌰ | 0.05 | A-B    jikin tsakiya, kauri 40, tsawo 120
```

Alamomin nan iri ɗaya ne ko da tsarin ASME Y14.5 na Amurka aka zana ko da ISO 1101, saboda haka ko daga ina injin ya fito kibiyar ba ta canza ma'ana. Haruffan A-B ɗin nan su ne detum, wato wurin da za ka kama shaf ɗin ka juya shi a kai. A nan A mazaunin boris na hagu ne, B na dama, kowanne kauri 35 saboda boris 6207 ne ke hawa kai, kuma da aka rubuta su tare da ɗan layi a tsakani ana nufin layin tsakiya guda ɗaya da ya ratsa su biyun. Ranawut ba ya tsayawa ba detum, in ka ga an rubuta shi babu harafi to mai zanen ne ya yi kuskure, ka tambaya kafin ka yanka ƙarfen mutane.

Yanzu maganar lambar, don nan ne mutane suka fi rikicewa. 0.05 ɗin nan ita ce iyakar tafiyar allura gaba ɗaya, daga inda ta fi yin ƙasa zuwa inda ta fi yin sama. A takardu za ka ga an kira shi FIM, tsofaffin diroyin kuma TIR suke rubutawa, duk abu ɗaya ne. Ka cire ƙaramin karatu daga babba, abin da ya rage shi za ka gwada da lambar akwati, ba ka raba biyu ba ka ninka ba. Gejin da muka fi samu a shaguna kowane layi ɗaya 0.01 na milimita ne, kenan 0.05 layi 5 ne cif. Ba wai 5 sama da sifili da 5 ƙasa da sifili ba, in ka yi haka ai layi 10 ka ba kanka, ka ninka abin da aka yarda maka. In allura ta je layi 2 ƙasa da sifili ta dawo ta je layi 3 sama, to ka cinye 5 ɗinka kenan ba saura. Wasu kuma akasin haka suke yi, su ga layi 8 su ce ai a raba biyu 4 ne ya wuce. Inda rabawar nan ta samo asali shi ne in tsakiyar wuri ta goce daga layin detum da 0.02, allura 0.04 za ta nuna, don sau ɗaya gefen mai tudu zai zo ya tura ta sama da 0.02, in an yi rabin juyi kuma ta faɗa da 0.02. To rabawa tana da amfani in kana son sanin nawa tsakiya ta goce don ka gyara a cok, amma wajen yanke hukuncin ya ci ko bai ci ba, karatun allura yadda yake shi ake ɗauka.

Mataki na gaba tsafta, kuma kar ka raina wannan. A lokacin hunturu a Katsina ka goge tebur ka juya baya ka dawo ka ishe ƙura ta sake kwanciya, kuma ƙwayar rairayi ɗaya a ƙarƙashin mazaunin boris ta isa ta cinye maka layukan nan 5 har ta nemi ƙari. Ka wanke shaf da kananzir ka goge da tsumma mai kyau, ka bi da yatsa ka ji ko akwai ƙaiƙayin ƙarfe a bakin gurbin ki ko inda guduma ta taɓa, in akwai ka ɗauke shi da dutsen wasa a hankali. In yanzu aka sauke shi daga inji da zafinsa ka bar shi ya huce tukuna.

Sai ɗorawa. Tunda diroyin ya ce A-B, a kan mazaunan boris za ka ɗora, bi-bulok biyu, wato bulok mai gurbi kamar harafin V, masu tsayi ɗaya a kan teburin awo, ɗaya ƙarƙashin A ɗaya ƙarƙashin B, sannan ka sa wani abu mai nauyi a ƙarshen shaf ya tokare shi don kar ya riƙa zamewa gaba da baya yayin juyi, mu ƙwallon boris muke maƙalawa a ramin santa da ɗan giris ya jingina da wani bulok. Ana iya ɗorawa tsakanin santa biyu amma fa sai ka fara sa geji a kan A da B ka tabbatar su kansu ba sa rawa, don shaf a cikin famfo a kan boris yake juyawa ba a kan ramin santa ba. Shi kuwa kama shi a cok mai haƙori uku ka juya, wannan rawar cok ɗinka kake aunawa haɗe da ta shaf, ba za ka san wanne ne wanne ba.

Akwai wani ƙaramin abu a nan da total ranawut ba ya yafewa. Dole layin tsakiyar shaf ya kwanta daidai da fuskar tebur, tunda a kan tebur ɗin za ka ja gindin geji. In mazaunan biyu kaurinsu ɗaya kuma bulok ɗin tagwaye ne to an gama. In ba ɗaya ba ne, a bi-bulok mai digiri 90 bambancin kauri na 0.02 kawai yana ɗaga tsakiyar gefe ɗaya da kusan 0.014, kaga ka riga ka sa wa kanka gangara tun ba ka fara ba. Saboda haka ka auna A da B da maikuromita, ka sa geji a ƙoƙoluwar kowanne, in kaurinsu ɗaya ya kamata karatun ya zo ɗaya, in bai zo ba ka cusa siririn shim ƙarƙashin bulok har ya daidaita.

Tsinken geji kuma ya sauka a miƙe a kan ƙoƙoluwar shaf, yana kallon tsakiya. Yadda za ka samu ƙoƙoluwar shi ne ka tura gindin gejin gaba kaɗan baya kaɗan a kan faɗin shaf, inda allura ta kai ƙarshen hawanta ta fara dawowa to nan ne. Ka danna tsinken ya shiga kamar milimita 1 kafin ka juya fuskar agogon zuwa sifili, don ya samu wurin bin ƙarfe in ya yi ƙasa. Ka ɗan ƙwanƙwasa sandar da yatsa ka ga allura ta dawo inda take, in ba ta dawo ba akwai abin da bai ɗauru ba.

To sakula shi ne mai sauƙi. Geji na tsaye wuri ɗaya, ka juya shaf da hannu a hankali zagaye ɗaya cikakke, ka rubuta ƙasa da sama, ka cire. Ka matsa wani wuri ka sake, kuma a kowane sabon wuri kana da damar ka maida allura sifili, don kowane zobe shari'arsa daban, ba ruwan wannan da wancan. Wanda ya fi muni a cikinsu shi za ka gwada da lambar akwati. A mazaunin sil na shaf ɗin Alhaji mun auna wuri uku muka samu layi 2, layi 2, layi 1, an yarda da 3, ya wuce lafiya. Kuma ka lura da yadda allurar ke motsi ba lambar kawai ba: in sau ɗaya take hawa ta sauka a zagaye, tsakiya ce ta goce ko shaf ya lanƙwashe, in sau biyu take hawa to wurin ya yi siffar ƙwai. In kuma ta yi tsalle farat ɗaya ta dawo, datti ne ko tabo, goge ka sake.

Total kuwa sifili ɗaya ake yi masa tak. Ka saita a farkon jikin, daga nan hannunka ba ya ƙara taɓa fuskar agogo har ka kai ƙarshe. Ana juya shaf ana jan geji a tsawonsa, a ƙa'ida ana son tsinken ya share duk fuskar, a aikace mu yaro ɗaya ke juyawa wani na jan geji, ko kuma mu tsaya a wurare da dama kusa da juna mu yi zagaye a kowanne. A ƙarshe ka nemo karatu mafi ƙasa a duk tafiyar da mafi sama a duk tafiyar, ko da ɗaya a wannan kai yake ɗaya a wancan kai, ka cire. Ka ɗauka kamar fayif biyu ne ɗaya cikin ɗaya a kan layin detum, ratar da ke tsakanin bangonsu 0.05, kuma ana so duk fatar shaf ɗin ta shige cikin ratar nan.

Ga abin da muka samu a jikin tsakiya, na yi alama da maka a wuri biyar daga gefen hagu, lambobin ƙasa da sama layukan geji ne kuma duk daga sifili ɗaya:

```
mm     ƙasa   sama
10      0     +2
35     +1     +3
60     +2     +5
85     +3     +6
110    +5     +7
```

In ka bi layi layi ka cire, 2 ne, 2, 3, 3, 2. Babu zoben da ya wuce 0.03, kenan mutumin da ya yanka bai yi ƙarya ba, da kibiya ɗaya ce a akwatin da shaf ya wuce har da canji. Amma kibiya biyu ce. Mafi ƙasa 0, mafi sama 7, total 0.07 kenan, an yarda da 0.05, ya faɗi da layi 2. Kuma dama haka abin yake, total ba ya taɓa yin ƙasa da sakula mafi girma a fuska ɗaya, sai dai ya yi daidai da shi ko ya fi shi. Shi ya sa in shaf ya ci total 0.05 ba sai ka sake auna sakula 0.05 a wurin ba, amma in sakula ya ci ba abin da ya gaya maka game da total.

Dubi tsakiyar kowane karatu ka ga labarin, na farko 1, na ƙarshe 6, yana hawa a hankali kamar matakala. Wannan tefa ce, kai ɗaya ya fi ɗaya kauri kamar karas. Sakula makaho ne a kan tefa, haka in shaf ya yi ciki a tsakiya kamar ganga ko ya tsuke a tsakiya kamar kalangu, duk ba ya gani, don kowane zobe a karan kansa zagayayye ne kuma a tsakiya yake. Abin da total ya ƙara kenan.

Amma kafin ka ce wa mutum aikinsa ya lalace ka tabbatar ba ɗorawarka ce ta karkace ba, don shaf mai lafiya da aka kwantar a gangare shi ma irin wannan matakalar zai nuna. Maikuromita ke raba gardama. Geji gefe ɗaya yake taɓawa, saboda haka rabin bambancin kauri yake gani, in allura ta hau da 0.05 daga kai zuwa kai to tefa ta gaske za ta nuna 0.10 a maikuromita. Mun auna, a alamar farko 39.96, a ta ƙarshe 40.06, daidai 0.10. Da maikuromita ya nuna kauri ɗaya a duka biyun da sai mu koma mu gyara bulok mu ba mutum haƙuri. Wani abin kuma, diroyin ya ba kaurin wurin daga 39.90 zuwa 40.10, kenan ta fannin kauri ma shaf ɗin ya ci. Kauri awonsa daban ranawut awonsa daban, geji ba ya gaya maka kaurin abu, shaf da aka rage fiye da kima zai iya juyawa allura ko motsi ba ta yi ba.

Alhaji ya ce to Malam, shi wancan ai ya ce har jan gejin ya yi a tsawon shaf bai ga komai ba. Maigida ya tambaye shi a ina mutumin ya ja, Alhaji ya ce a kan injin da ya yanka. Maigida ya yi dariya ya ce Alhaji ai ɓarawo ba ya kama kansa. Abin da ya faru shi ne telistok na let-mashin ɗin, wato abin da ke tokare ɗaya kan shaf da santa, ya goce gefe, shi ya jawo tefar, kuma in ka ɗaura geji a kan kareji ka ja, hanyar da bakin tul ya bi ita gejin zai bi, sai ya ga fuska a miƙe sumul alhali layin tsakiyar shaf ne a karkace. Har lissafin gocewar ana iya yi: shaf ɗin tsawonsa 360, allura ta hau 0.05 a cikin 100, to 0.05 sau 3.6 kusan 0.18 kenan telistok ya kauce, kuma tunda kan da ke wajen telistok shi ya fi kauri, baya ya yi nesa da mai aiki, sai an jawo shi gaba. In dole sai a kan let-mashin za ka auna total saboda ba ka da teburi, to ka fara ɗora sandar gwaji wadda ka san kaurinta ɗaya daga kai zuwa kai, ka ja geji a gefenta da samanta, sai allura ta tsaya cak sannan injin ya cancanci ya zama alƙali.

Wannan shaf dai ya yi sa'a akwai nama. Siririn kan 39.96 ne kuma an yarda a sauka har 39.90, sai muka duba santa a injinmu, muka ɗora, muka sa geji a A da B muka ga kowanne ƙasa da layi 1, muka yi yanka mara nauyi da tul mai kaifi aka sauke jikin gaba ɗaya zuwa 39.92. Da aka maida shi kan bi-bulok da sifili ɗaya, mafi ƙasa 1 ƙasa da sifili mafi sama 2, total 0.03. Mazaunan boris ɗin ma mun bi su da maikuromita kai da kai tunda a injin guda aka yi su, amma da alama an goge su daga baya, sun zo daidai. Da siririn kan ya riga ya kai 39.90 da ba yadda za a yi, sai dai a cike da walda ko a sa buushi a sake yankawa, ni kuma a shaf na famfo ban cika son walda ba don zafinta na lanƙwasa shi ka gyara tefa ka sayo baka.

In karatu ya tsaya daidai kan layi 5 ba ƙari, a takarda ya ci, lambar akwati iyaka ce kuma an yarda ka taɓa ta. Sai dai gejin 0.01 a kan 0.05 bai ba ka sarari da yawa ba, rabin layi da ido kake ƙiyastawa, don haka ni in na ga allura na shafar 5 sai na sauke shaf na goge na sake ɗorawa sau biyu ko uku, in ya zo 5, 5, 6 ba na cewa ya ci. In kuwa diroyin 0.02 ko 0.01 ya ce, wannan gejin ba nasa ba ne, sai ka nemo mai 0.001 ko da aro ne.

Kibiyoyin nan suna zuwa a fuskar kafaɗa ma, inda boris ko imfela ke jingina. Nan tsinken geji kwance yake yana bin tsawon shaf, sakula zobe ɗaya ɗaya a nisa daban daban daga tsakiya, total kuma kana jan geji daga ciki zuwa baki da sifili ɗaya, shi ke kama fuskar da ta yi kwano ko ta yi tudu. A wannan awon abin tokarewar nan na ƙarshen shaf shi ne komai, in shaf ya zame gaba da 0.02 yayin juyi allura za ta rubuta maka shi a matsayin rawa, saboda haka yaron da ke juyawa ya riƙa ɗan danna shi wajen ƙwallon da yatsa ɗaya duk tsawon zagayen.